Hana Yaro Cewa "Baƙi" Ba Zai Rufe Masa Ido Ba

Makon jiya makarantar naziri da 'yata take zuwa a nan Gombe ta turo wa iyaye sanarwa ta WhatsApp. Wai daga yanzu duk yaron da aka ji ya ce wa ɗan'uwansa baƙi ko fari zai sha hukunci, kuma an umarci malamai idan yaro ya yi tambaya kan launin fata su ce masa duk launinmu ɗaya ne. Kafin la'asar iyaye sun cika zauren da Allah ya saka da alheri. Ni kam ban tofa ba, domin abin da ke bakina ya fi ƙarfin saƙon waya.

Na san abin da ya jawo dokar. Wata yarinya 'yar shekara huɗu ce ta koma gida tana kuka an ce mata baƙa, uwar ta zo ta yi ta faɗa a bakin ƙofa, hukumar makaranta kuma ta nemi hanyar da za ta kashe wutar da wuri. To amma a tsaya a duba saƙon da aka aika wa yarinyar nan. An ɗauki kalmar da take bayyana fatar jikinta an jera ta tare da ashar da zagin uwa. Kuma kada a yaudare mu da cewa dokar ta haɗa da fari. Wace yarinya ce a garin nan ta taɓa komawa gida da hawaye don an ce mata fara? Yaran sun san wace kalma ake gudu, yanzu kuma makaranta ta buga musu hatimi a kai.

Tushen kuskuren shi ne zaton da ake yi cewa yaro ba ya ganin launi sai an nuna masa. Masu binciken halayyar jarirai sun daɗe da gano cewa tun yana ɗan wata uku jariri yake fara fifita kallon irin fuskokin da ya saba gani a kewayensa. Ba ƙiyayya ba ce, sabo ne kawai. Idan ya kai shekara uku zuwa huɗu ya iya rarrabe abubuwa da launinsu, ya kuma fara yi wa mutane haka. Abin dariyar, a ajin nan ne Anti take ɗaga kofi da ƙarfe tara tana cewa wannan ja ne, wannan kore ne, a tafa wa wanda ya canka. Da ƙarfe goma kuma a ce wa yaron nan hannunsa da na wanda ke kusa da shi launinsu ɗaya. A Gombe fa! Garin da a benci guda za ka tarar da ɗan Fulani, da Batangale, da Batere, da ɗan Waja, da Babole, kai ko a ɗaki ɗaya uwa ɗaya uba ɗaya sai ka ga wannan wankan tarwaɗa, wancan baƙi wuluk. Yaro ya gani da idonsa, babba ya ce masa ba haka ba ne. Darasi biyu zai ɗauka: manya suna ƙarya, kuma akwai abin kunya a cikin maganar.

Gani daban, sa wa abin da aka gani daraja daban. Na farkon da shi ake haihuwar yaro. Na biyun mu ne muke ɗura masa, kuma ba a makaranta ake farawa ba. Ku je gidan barka ku zauna. Jariri yakan zo duniya da haske fiye da yadda zai kasance, sai a hankali cikin makonni da watanni fatarsa ta kama launinta. Mata sun san haka, shi ya sa da an miƙo jinjiri sai a karkata kansa a leƙa saman kunne. Idan kunnen ya yi duhu sai ka ji an ce, "Ayya, wannan rinewa za ta yi." Idan bai yi ba a ce, "Masha Allah, fara ce tas, kin huta." Kin huta da me? Yayar jaririyar tana tsaye a gefen gado, shekararta huɗu, tana jin komai, tana kallon bayan hannunta. Gobe ta ji samarin unguwa suna raha wai fara ko mayya ce. Jibi ta ga hoton da ke jikin kwalin sabulu. Ba wanda ya zaunar da ita ya karantar da ita, amma ta haddace.

Akwai masu cewa wannan duk matsalar Amurka ce aka kwaso mana. Su je layin masu man shafawa a babbar kasuwar Gombe su dawo mu yi magana. Gaskiya ne a can aka yi shahararren gwajin nan: a shekarun 1940 Kenneth Clark da matarsa Mamie sun riƙa ajiye wa yara baƙaƙen fata 'yan shekara uku zuwa bakwai 'yartsana fara da baƙa, akasarin yaran suka zaɓi farar a matsayin mai kyau. Mu ba mu da dokar wariya irin tasu, amma ba sai an kawo mana 'yartsana ba. Ni a banɗakin gidana na ga nawa gwajin.

Wata ranar Asabar na ji shiru ya yi yawa, na leƙa, sai na tarar da 'yar tawa ta zuba omo a roba tana dirzar damtsenta da soson wanke-wanke har wurin ya yi ja. Na ce, "Uwata, me kike yi?" Ta ce, "Abba, so nake ya fita in zama kamar Yaya." Da na bi diddigi, ashe Goggonta ce ta tsokane ta, irin wasan nan da ba a ɗauke shi bakin komai ba, ta ce ƙin wanka ne ya sa ta yi baƙi. Yaro mai shekara huɗu bai riga ya gane cewa launin fata abu ne mai zama ba. A wurinsa kamar lalle ne ko datti, abin da ruwa zai iya ɗaukewa. Saboda haka wasan babba a kunnensa labari ne na gaskiya. Wanda ke son ya gane ko ɗansa ya haɗiyi irin wannan, ba tambayarsa zai yi ba. Ya lura da wanka mai tsawo da dirza, da ƙin fita wasa wai kada rana ta ƙara masa baƙi, da lakatar man uwa a ɓoye, da yadda in ya zana kansa yake neman kalar da ta fi haske.

Abin da na yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na ɗauraye mata hannu, na zaunar da ita, na naɗe hannun rigata har kafaɗa. Na ce ta dubi damtsena ta dubi bayan hannuna, wanne ya fi duhu? Ta nuna bayan hannu. Na ce akwai wani abu kamar rini da jiki yake yi da kansa a cikin fata, sunansa melanin, aikinsa ya tare zafin rana kamar laima. Kowa yana da shi, na wani da yawa, na wani kaɗan, kuma inda rana ta fi duka jiki yakan ƙara shi. Na ce nata ya fi na Yaya yawa, a ciki yake ba a sama ba, sabulu ba ya kai wa gare shi. Ta yi ta maimaita melanin, melanin, tana dariya. Sai ta jefo tambayar da na san tana tafe: me ya sa nata ya fi yawa alhali Abbansu ɗaya? Na ɗauko hoton mahaifina, Allah ya jiƙansa, na ce ga wanda kika ɗauko. Duk zancen bai kai minti biyar ba, kuma ba ƙarya ko ɗaya a ciki da zan zo ina warwarewa idan ta girma.

Wani zai ce a gaya wa yaro Allah ne ya yi haka, shi ke nan. Allah ne ya yi, ba musu, amma yawancin masu faɗar haka toshe bakin yaro suke yi da sunan Allah. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Ubangiji, ita kuwa aya dubanta ake yi, ba a kau da kai daga gare ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin damuwa matarsa ta haifi yaro baƙi. Bai ce masa ya yi shiru ba. Tambayarsa ya yi launin raƙumansa, ya ce jajaye. Akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya samo? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta gado ta fizgo shi. Aka ce masa to ɗan nan ma wataƙila haka ne. An yi wa makiyayi bayanin gado da garkensa, shekaru fiye da dubu da suka wuce. Mu kuwa masu satifiket a bango mun rasa abin faɗa wa ɗan naziri sai bulala.

Kuma ina son mai wannan doka ya gaya mini yadda Anti za ta yi ranar da aka kawo zabiya ajinta. Ta ce launinsu ɗaya? Yaran za su fita su samo amsa a titi, inda ake cewa aljanu ne ko laifin uwa. Alhali bayanin gajere ne: jikinsa ba ya yin melanin sosai, gado ne da yake zuwa ta wajen uwa da uba duka biyun ko da su baƙaƙe ne, ba a ɗaukarsa ta taɓawa ko cin abinci tare. Rashin melanin ɗin ne yake raunana masa gani, ya sa rana take ƙona shi. Malamar da aka hana ta ambaci launi ba za ta iya bayyana wa aji dalilin da ya sa aka ba shi bencin gaba, aka bar shi da hula da riga mai dogon hannu ba. Sai yaran su ɗauka gata ne, su tsane shi.

Ƙarshen wannan shirun muna ganinsa a fuskokin mata ranar biki, fuska kamar gwanda, gaɓoɓin yatsu kamar gawayi. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, saboda abubuwa irin su zaiba da haidirokwinon da ake zubawa a mayukan, ga zaiba kuma tana lalata ƙoda. Har yara ƙanana wasu iyayen suke shafa wa. Budurwar da take sayen haɗi a kwalba marar suna ba ranar ta fara ƙin fatarta ba. Tun tana tsaye a gefen gadon barka aka fara, kuma duk lokacin da ta yi tambaya aka ce mata kul.

Makaranta ta janye dokar nan. A hukunta yaron da ya yi gori, a amsa wa wanda ya yi tambaya, kowace malama ta san bambancin "ke baƙa ce" da "tafi can baƙa mummuna". A sa yara su jera hannuwansu a kan tebur, kowa ya faɗi wanda ya ɗauko a gidansu. Goggo kuma na riga na same ta har ɗaki, na gaya mata abin da na tarar a banɗaki. Ta ce ita wasa take yi. Na ce na sani, Goggo, amma sai da muka yi kwana uku muna shafa mata man kaɗanya a damtse.