Kawo Ɗaya, Karɓi Dubu Biyar

Alhaji: Akawu, leƙa ajin nan ka gani. Ko kujera babu ta zama! Ni da na ce duk wanda ya kawo mana ɗalibi a ba shi dubu biyar, kai ka ce asara. To yanzu fa?

Akawu: Ranka ya daɗe, yara 20 aka kawo, mun biya dubu ɗari.

Alhaji: Ashirin! Maimaita da ƙarfi, mai lesin ɗin tsallaken titi ya ji.

(Tun safe sau huɗu ke nan ana maimaita masa, har mai shayin bakin ƙofa ya haddace.)

Akawu: Ai a rajista na buɗe layin "wa ya turo ka", da watan da yaro ya fara da watan da ya daina. Kowane yaro dubu goma yake biya a wata, malamai da haya da man janareto su cinye dubu bakwai, tunda wutar Nepa sai dai mu ji labarinta a unguwar wasu. Ribarmu dubu uku. Ke nan sai yaro ya yi wata biyu kafin dubu biyar ɗin nan ta dawo.

Alhaji: To su yi mana, wa ya kore su?

Akawu: 12 wata ɗaya suka yi suka gudu. Kowanne mun yi asarar dubu biyu, dubu 24 ke nan. Takwas ne suka yi wata uku, kowanne ya bar mana dubu huɗu, dubu 32.

Alhaji: Ka ga ni ko! Riba dubu takwas. Ni fa kasuwanci a jinina yake, kakana da jaki ɗaya ya fara fatauci.

Akawu: Sai dai shida daga cikin takwas ɗin yaran gidan Hajiya ne, ita da duk shekara in JAMB ta matso da kanta take turo su ko ba a ba ta sisi ba. Bana sai ta sa kishiyarta ta kawo su, suka raba dubu talatin.

Alhaji: Hajiya da kishiyarta? Waɗanda ko gaisawa ba sa yi?

Akawu: Yanzu a Napep ɗaya suke zuwa.

Alhaji: Allahu akbar. Ka rubuta wannan a ɓangaren riba, na yi sulhu.

Akawu: Ranka ya daɗe, ni dai shawarata kar a biya kowa sai yaro ya biya wata na biyu, kuma gidan da ya taɓa karatu a nan ba ya cikin tsarin, kuma a rage daga kuɗin makaranta maimakon a miƙa tsaba a hannu.

Alhaji: Ai abin da nake shirin faɗa ke nan ka riga ni. Af, gobe autana zai fara zuwa, ni na kawo shi, ka ajiye min dubu biyar ɗina.

Akawu: Shi zai biya kuɗin wata?

Alhaji: Ɗan mai makaranta? Kai Akawu, ka ji tsoron Allah.