Ganau ko jiyau? Nasiha ga ɗalibanmu masu rubutun tarihi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Hadisin nan ya faɗo min a rai jiya ina duba aikin wani ƙanina a kan yaƙin Tabkin Kwatto, wanda jama'ar Shehu suka gwabza da Yunfa Sarkin Gobir a watan Yunin 1804.

A ƙasan shafi ya rubuta cewa daga littafin Infaƙul Maisuri ya ɗauko. Na ce, "Malam ƙarami, ka taɓa buɗe shi?" Ya sosa ƙeya. Ashe a Wikipidiya ya gani.

To mu warware silsilar, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi. Muhammadu Bello da shi aka yi yaƙin, ya kuma rubuta Infaƙul Maisuri a 1812. Ganau ke nan, majiya ta farko. Bature masanin tarihi Murray Last ya zo ya karanta rubuce-rubucen Larabci na mutanen Sakkwato, ya auna su, ya fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967. Wannan majiya ta biyu ce, mai nazarin maganar ganau. Sai Wikipidiya da littafin tarihi na sakandare, waɗanda suka taƙaita abin da manazarta suka faɗa: majiya ta uku. Ba laifi ka fara da ita don ka san hanya, amma ba a kafa hujja da ita. Ka tsallake mutum biyu ka jingina maganar ga Bello, ai ko a ilimin hadisi irin wannan ɓoyon aibi ne. In a wurin Last ka gani, rubuta cewa Bello ya faɗa, kamar yadda Last ya kawo.

Ganau ma ba ma'asumi ba ne. Bello yana ɓangare guda a yaƙin, kuma yana kare hujjar jihadin. Sai ka tambaya: Gobirawa fa, me suka riƙe?

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne zaton duk tsohon littafi majiya ta farko ce. Ɗauki Tarihin Kano da Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. A ƙarshen ƙarni na 19 aka tsara shi yadda muka san shi, alhali yana ba da labarin Bagauda na kusan shekara 900 kafin nan. A kan Bagauda jiyau ne. Amma in tambayarka ita ce yadda Kanawan ƙarni na 19 ke kallon sarakunansu na da, ya koma ganau. Littafi ɗaya, tambaya ce ta sauya masa matsayi.

Ƙanin nawa dai ya goge layin, yau da safe ya tafi laburare. Allah Ya sa ya samu kwafin.