Ku Daina Raba wa Sojoji Muƙamin da Hukuma Ba Ta Ba Su Ba

A makon nan wata sanarwar rasuwa ta zagaya wayoyin mutanen Jos, ta wani dattijo tsohon soja, Allah ya jiƙansa da rahama. Yaran da suka tsara ta sun rubuta Janar da manyan baƙaƙe, alhali a hoton da suka liƙa da hannunsu mikiya ɗaya ce tak a kafaɗarsa, babu anini ko ɗaya a gefenta. Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san mikiya ita kaɗai Manjo ce. Kafin la'asar wani ya ƙara da cewa mamacin ne ya riƙe rundunar soja ta barikin Rukuba da ke kusa da Jos, wani kuma ya ba shi shekarar shiga soja daga cikin kansa. Haba ƙannena! Mutum ya yi wahalarsa ya kai Manjo da guminsa, ku kuma ku zo rana ɗaya ku ɗora masa ƙarya a kan makara?

Wannan ɗabi'a ta rubuta muƙamin soja da ka ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin abu ne da takarda ta riga ta yanke hukunci a kansa. Aikin soja aikin rubutu ne. Ba a ɗaukar mutum, ba a ƙara masa girma, ba a canja masa wurin aiki sai an rubuta an sa kwanan wata. Gani ya kori ji, amma ku kun zaɓi ji.

Kuskurenku na farko shi ne ɗaukar kwamanda a matsayin muƙami. A sojan ƙasa kwamanda kujera ce da ake ba mutum ya riƙe, muƙaminsa daban. Bisa al'ada Manjo ke riƙe kamfani, Laftanar Kanar ke riƙe bataliya, Birgediya Janar ke riƙe birged, Manjo Janar kuma ke riƙe babbar runduna irin ta uku da ke Rukuba. Don haka idan tsoho ya ce ya yi kwamanda a Rukuba, sai a tambaya: kwamandan me? Barikin cike yake da ƙananan rukunai, kowanne da nasa shugaban. A sojan ruwa kuwa Kwamanda muƙami ne sosai, daidai yake da Laftanar Kanar, Kyaftin ɗinsu kuma daidai da Kanar, ba daidai da Kyaftin ɗin ƙasa mai anini uku ba. Wanda bai san wannan ba sai ya rage wa wani girma ya ƙara wa wani, yana ganin ya yi bajinta.

Ko shugabannin ƙasa ba ku bari ba. Kuna rubuta cewa Janar Gowon ya karɓi mulki a 1966, alhali a ranar 1 ga Agusta 1966 Laftanar Kanar ne, sai a 1967 ya zama Manjo Janar, cikakken Janar kuma sai 1971. Murtala Birgediya ne lokacin da ya hau mulki a Yuli 1975, an yi masa Janar a Janairu 1976, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu. Buhari, wanda ya riƙe rundunar nan ta Jos kafin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, a Manjo Janar ya bar soja. A baka ana ce wa kowannensu Janar don girmamawa, babu laifi. A rubutun tarihi kuwa ana haɗa muƙami da ranar da abin ya faru, a ba mutum abin da ke kafaɗarsa a wannan ranar.

Sai maganar ranar shiga soja, inda kuka fi yin kwaɓa. Hafsa yana da ranaku aƙalla uku, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai ranar da aka ɗauke shi, ko a matsayin kurtu a Dafo ta Zariya ko ɗalibin hafsa a NDA Kaduna. Akwai ranar da aka ba shi aninin farko ya zama hafsa. Akwai kuma ranar da ake lissafa girmansa a tsakanin tsaransa, wadda hukuma kan iya mayar da ita baya. Aguiyi-Ironsi ya shiga soja a 1942 a matsayin ƙaramin soja, bai zama hafsa ba sai 1949. Wanda ya rubuta cewa ya shiga soja a 1949 ya cinye masa shekara bakwai na aiki. Kuma NDA a 1964 aka kafa ta, don haka duk wanda aka ce ya gama ta kafin wannan shekara an yi kuskure. Buhari makarantar horon soja ta Kaduna da ta gabace ta ya shiga, ya wuce Mons a Ingila, ya zama hafsa a Janairu 1963.

To ina ake samun gaskiya? A fara da akwatin gida. Tsohon soja ba ya wasa da takardar sallama ko wasiƙar ritaya, domin da ita yake karɓar fansho. A cikinta akwai lambarsa, muƙaminsa na ƙarshe, ranar ɗauka da ranar barin aiki. Lambar ita ce mabuɗi, saboda Musa Ibrahim ko Danjuma Bitrus na iya kai goma a runduna ɗaya, lamba kuwa ba ta maimaituwa. Ta hafsan sojan ƙasa da `N/` take farawa, ta ƙaramin soja kuma da lambobi biyu da `NA`.

Mu ƙaddara kun buɗe akwatin kun tarar da tsohuwar takarda mai `63NA`, da wasiƙar ritaya mai lambar `N/` da `Maj`, da kuma wata wasiƙar canjin wurin aiki da aka rubuta `A/Lt Col`. Mai gaggawa zai ce ya shiga a 1963, ya yi ritaya yana Laftanar Kanar, kuma duka biyun ya faɗi. Lambar `63NA` jerin lamba ce da aka ci gaba da bayarwa har ga ɗimbin waɗanda aka ɗauka lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970, don haka ba ta tabbatar da shekara. Ranar da aka rubuta a gurbin ɗauka ita ce hujja. A gwada ta da shekarar haihuwa: in an haifi mutumin a 1950, shekararsa 13 a 1963, sai dai in ta makarantar yaran soja ta Zariya ya bi, ita kuma da nata takardun. Lamba biyu na nuna cewa daga ƙananan sojoji ya taso aka ba shi hafsa, don haka za a rubuta masa ranar ɗauka daban, ranar zama hafsa daban. Harafin `A/` kuwa riƙon ƙwarya ne: an ba shi kujerar da ta fi muƙaminsa, ya sa alamar na wani lokaci, ba a tabbatar masa ba. An yi irin wannan da yawa a lokacin yaƙi. Abin da wasiƙar ritaya ta ce, Manjo, shi ne tabbatacce. Rubutun gaskiya shi ne: Manjo mai ritaya, wanda ya taɓa riƙon Laftanar Kanar. Ina abin kunya a nan?

Ku lura da `wef` a wasiƙar ƙarin girma, ranar da ke bayansa ita ce ranar da muƙamin ya fara aiki. Ranar da aka rubuta wasiƙar daban, ranar bikin liƙa anini da kuke ɗaukar hoto kuma daban, wani lokaci da tazarar watanni. Ku kuwa ranar hoton kuke ɗauka, saboda ita ce ke cikin waya.

In takardun gida sun ɓace ko gara ta ci, akwai na hukuma. Kowane rukunin soja yana fitar da oda kashi na biyu, wadda sojoji ke kira fat tu oda, inda ake buga ƙarin girma, canjin wurin aiki, hutu, horo, har aure da haihuwa, daga nan ake cika fayil ɗin mutum. Fayilolin ƙananan sojoji suna ofishin adana bayanan soja da ke Lokoja, na hafsoshi suna hannun Sakataren Soja a hedikwatar sojan ƙasa a Abuja, na fansho kuma suna Hukumar Fanshon Soja a Dutse Alhaji da ke Abuja. Magaji zai rubuta takarda da cikakken suna da lamba, ya haɗa da shaidar rasuwa da ta dangantaka. Mai bincike yana da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, sai dai dokar ta keɓe sirrin tsaro da bayanan mutum na kansa, don haka kada wani ya zaci za a miƙa masa fayil ɗin kwamandan da ke bakin daga. Na tsofaffin hafsoshi kuma a duba gazet, wato jaridar sanarwar gwamnatin tarayya, inda aka riƙa buga naɗi da ƙarin girma, a nemi tsofaffin kwafi a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. In takardu biyu suka saɓa, wadda aka rubuta a lokacin da abin ya faru ta fi wadda aka tsara daga baya, ta hukuma kuma ta fi ɗan littafin da ake rabawa a wurin biki.

Amma wa zai yi wannan wahalar? Kun fi son a ce ku kuka fara sakawa. Ku ne kuma masu ɗaukar katin shaidar ɗan'uwanku da ke aiki a Borno ku baza shi duniya, da lambarsa da sunan bataliyarsa, wai alfahari kuke yi, ba ku san kuna miƙa shi ga maƙiya da 'yan damfara ba. Ban ma taɓo masu sayen wandon kaki a gwanjo suna tsorata 'yan acaɓa ba, da masu cewa kawuna Kanar ne a duk shingen da aka tsayar da su. Ramin ƙarya ƙurarre ne, rana ɗaya za a ce kawo lambarsa, a nan ido zai raina fata.

Da can ba haka muke ba. Tsoffin sojojin da suka yi yaƙin Bama, waɗanda ake kira 'yan mazan jiya, in ka tambayi ɗayansu sai ya miƙe ya karanto maka lambarsa da igiyarsa da bataliyarsa ba gargada, yana da shekara tamanin. Kofur ya ce shi Kofur ne, Saje ya ce Saje, kuma in ka kuskura ka kira Saje da Samanja shi zai fara gyara maka, don a wurinsa karɓar girman da ba a ba shi ba abin kunya ne. Littafin sallamarsa na naɗe cikin leda a ƙasan adaka, ba mai taɓa shi sai ranar fansho. Yau jikokinsu ne ke sayar da adakar ga 'yan gwangwan, takardun kuma a kai wa mai ƙosai, sannan in tsohon ya rasu a zauna ana gardamar ko Kyaftin ne ko Kanar.