Rusau da sabon gini: inda lissafin yake kuskurewa

"Ashe ba gara a rushe tsohon bene a Garki a gina sabo mai ƙarancin shan wuta ba?"

Wannan lissafi ya tsallake hayaƙin da ake fitarwa tun kafin kowa ya tare. Sarrafa siminti yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, domin farar ƙasa tana sakin iskar da kanta idan aka gasa ta, ko da wane makamashi aka yi gashin. Harsashi, ginshiƙai da dakin, wato rufin kankare, su ne suka fi cin siminti da rodi, kuma su ne gyara yake bari a tsaye, alhali sabon gini kan shafe shekaru yana tsimin lantarki kafin ya biya wannan bashi. Sai dai idan rodi ya yi tsatsa har kankare yana ɓarewa, injiniya ne zai yanke hukunci.