Ranar farko da yaran da suka daɗe ba sa makaranta: nasiha ga 'yan uwana malamai

'Yan uwana malamai, musamman ku da ba ku daɗe da kama alli ba, idan aka turo muku yaran da suka yi watanni ko shekaru ba su shiga aji ba, ko rikici ne ya raba su da gida, ko ambaliya, ko doguwar jinya, akwai kuskure biyu da nake roƙon ku kauce musu a ranar farko. Ɗaya shi ne ka buɗe manhaja ka ɗora daga inda ajin ya kamata ya kai, kamar babu abin da ya faru. Ɗayan, wanda ya fi muni duk da kamannin himma da yake da shi, shi ne ka raba takardun jarrabawa don ka san matsayinsu. Yaron da ya shekara biyu bai riƙe fensir ba, in ka ajiye masa takarda mai tambaya ashirin ka ce saura minti goma, abin da za ka auna tsoronsa ne. Wani ma daga ranar ba za ka ƙara ganinsa ba.

Lambar ajin da ke rubuce a rajista ba ta faɗa maka abin da yaro ya iya. Dole sai ka duba da kanka, yaro ɗaya bayan ɗaya, ta yadda shi kansa ba zai ji ana gwada shi ba.

Ka fara da abin da kowa zai iya. Minti goma na farko a yi gaisuwa da faɗin suna, a ƙirga tare da tafi, sannan ka faɗa musu dalla-dalla yadda ranar za ta kasance da lokacin da za a tashi. Yaron da rayuwarsa ta birkice yana samun natsuwa in ya san abin da zai biyo baya. Ina kuma gargaɗinku, kada wani ya ce "kowa ya ba mu labarin abin da ya same shi" ko "ku zana gidanku na da". Niyyar mai kyau ce, amma kana iya tono abin da ba ka da ikon binnewa a gaban yara arba'in. In yaro ya kawo maganar da kansa, ka saurara, kada ka yi ta tambaya, kuma ka san wanda za ka haɗa shi da shi idan abin ya fi ƙarfinka.

Bayan nan ka ba ajin aikin da zai riƙe su ba tare da kai ba, kamar rubuta suna a kati a yi masa ado, kai kuma ka koma gefe kana kiransu ɗaya-ɗaya. Ba sai ka ƙirƙiro ma'auni ba. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya tana amfani da wani mai sauƙi tun 2005 a bincikenta kan karatun yara da ake kira ASER, kuma takarda guda ce: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi mai jimla huɗu, da ɗan labari. Ana farawa daga sakin layin. In yaro ya karanta shi kamar mai magana, kuskurensa bai wuce uku ba, sai a ba shi labarin. In ya kasa, a sauko kan kalmomi: ya zaɓi biyar, in ya karanta huɗu daidai, matakinsa ke nan. In su ma sun gagara, a sauko kan haruffa da wannan ƙa'idar. Lissafi ma haka ake hawa da sauka, daga gane lambobi zuwa ɗebewa mai aro zuwa rabawa. Ka rubuta taka takardar da harshen da yaran suka fi ji. Idan kuwa ka ga yaro a tsorace yake, ni a ganina gara ka faro masa daga ƙasa, ya ɗanɗana nasara tukuna.

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe. A ce yarinya ce 'yar shekara 11, rajista ta ce aji biyar. Ka zaunar da ita gefenka, ka ce, "Taimaka min da wannan, ba maki a ciki." Ta kama sakin layin tana haɗa gaɓa-gaɓa, ta tsaya a jimla ta biyu. Kada ka bari ta yi ta fama, ka ce "madalla, mu duba waɗannan," ka nuna mata kalmomin. Ta karanta huɗu cikin biyar. A littafinka ka sa alama a ƙarƙashin "kalma", ba jan biro, ba kuma a idonta ba.

Sai ka rubuta mata 52 − 18. Amsar ita ce 34, amma amsar da ba daidai ba ta fi koya maka abu. In ta rubuta 46, ta ɗebe ƙaramar lamba daga babba a kowane layi ne, wato 2 daga 8, sannan 1 daga 5. Wannan ba ta fahimci aro ba sam, kuma wataƙila ba ta gane cewa 5 ɗin nan goma sau biyar ce, wato hamsin, ba. Ita sai an koma da ita kan tsinke ɗaure goma-goma, ta kwance ɗauri ɗaya da hannunta. In kuwa 44 ta rubuta, ta yi aron, ta ɗebe 8 daga 12, ta manta ta rage 5 ta zama 4. Wannan ta taɓa iyawa, mantuwa ce kawai. Yadda za ka tabbatar shi ne ka yi mata guda ɗaya a hankali tana kallo, sannan ka ba ta 73 − 26. Wadda ta manta za ta kawo 47 nan take, wani lokaci har da murmushi. Wadda ba a taɓa koya wa ba kuwa, za ta maimaita kuskurenta na farko. Malamin da ya sa wa 46 da 44 alamar kuskure iri ɗaya ya wuce, ya yar da abin da ya zo nema.

Shiru kuma ba rashin sani ba ne kullum. Yaro na iya yin shiru don harshen ajin baƙo ne gare shi, ko ba ya ji sosai, ko yana kanne ido don rubutun ba ya fito masa, ko bai yi barci ba. Ka lura da wanda ke firgita in an buga ƙofa, da wanda ya zaɓi kujerar da ke kusa da mafita. Wanda ya ƙi magana, ka bar gurbinsa a littafinka babu komai, ka dawo kansa jibi. Kada ka rubuta masa sifili.

Ku yi lissafin lokaci ma da gaskiya. In kowane yaro zai ci minti biyar, yara arba'in sun ci sama da awa uku, don haka ba za ka gama a darasi ɗaya ba. A ranar farko ka duba shida ko takwas, ka fara da masu ɗaga hannu domin masu jin kunya su ga an je an dawo lafiya, sauran ka rarraba su cikin mako. Ka rufe darasin da wani abu da dukan ajin za su yi tare su iya, ko da karanta jimla ɗaya ce daga allo.

Idan ka gama da kowa, ka kasa su rukuni bisa mataki na awa ɗaya a rana, ba bisa shekaru ba, kuma kada ka raɗa wa rukuni sunan da zai nuna na baya ne. Babban yaron da ya faɗo matakin haruffa shi ya fi kowa saurin gudu saboda kunya, don haka ka ba shi wani nauyi a aji, kamar riƙe rajista ko raba kati. Bayan mako biyu ka sake gwajin da wasu kalmomi da wasu lambobi, domin masu mantuwa da yawa za su riga sun haura, sai ka matsar da su gaba a ranar.