Baiti Goma a Bangon Littafi: Nasiha ga Kawunnai da Baffanni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa, lokacin komawa makaranta ya zo, gidaje da yawa suna haɗa kayan yaran da za su shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ana sayen akwati da bokiti da tocila, ana ƙulla garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji. Kawu ko baffa ko gwaggo yakan ƙara da littafi, ya damƙa wa yaro ya ce Allah ya ba da sa'a. Nasihata gare mu ita ce kada littafin nan ya tafi babu maganarmu a cikinsa. Yaro ɗan shekara 11 ko 12 zai bar gaban mahaifiyarsa, wani ma a makarantar kwana zai zauna wata uku bai ga gida ba. Doguwar huɗubar da aka yi masa a zaure daren tafiya, kafin mota ta fita gari ya manta rabinta. Waƙa kuwa, idan gajera ce kuma karinta ya zauna, takan maƙale a ka ko yaro bai yi niyyar haddace ta ba.

Abin koyinmu a nan shi ne yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da Abdullahi ɗan Abbas, ɗan baffansa, yana yaro, ya goyo shi a bayansa a kan abin hawa. Ya ce masa: ya kai yaro, zan sanar da kai wasu kalmomi. Ka kiyaye Allah, zai kiyaye ka. Ka kiyaye Allah, za ka same shi a gabanka. Idan za ka roƙa, ka roƙi Allah, idan za ka nemi taimako, ka nemi taimakon Allah. Tirmizi ne ya ruwaito, kuma shi ne hadisi na 19 a Arba'una, wanda yaranmu suke haddacewa a Islamiyya. Ku dubi tsarin maganar. An kira yaro da taushi, an gaya masa tun farko cewa 'yan kalmomi ne, kowace jimla gajera, kowace kuma tana ɗauke da aiki da sakamakonsa. Ɗan Abbas bai wuce shekara 13 ba lokacin da Annabi ya yi wafati, wato tsaran yaran nan namu ne. Haka wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa take, daga aya ta 13 zuwa ta 19 a surarsa: tauhidi, haƙƙin iyaye, salla, haƙuri, har yadda ake tafiya da yadda ake sassauta murya.

Ga wadda na rubuta wa ɗan ƙanwata. Wanda ya ga ta dace da nasa yaron ya ɗauka, ya sauya abin da ya ga dama.

Da sunan Ilahi nake fara wannan,
Salati ga Manzonmu mai gaskiya.

Karatu ka je yi, ka san wanga, ɗana,
Ka je can, ka dawo gida lafiya.

Idan ka ji ladan, ka yaye mayafi,
Da sanyi da barci, ka sa juriya.

Kiyaye umarnin Ilahi a ɓoye,
Da shi za ka dace da duk kariya.

Abokinka zaɓo shi gun masu salla,
Ka bar wanda zai ja ka can rijiya.

A ran jarrabawa tsaya kan saninka,
Da leƙe da sata, ina moriya?

Idan an matsa ma, faɗa min da sauri,
Ka bar ɓoye ciwo cikin zuciya.

Idan ka zamo babba, sassauta hannu,
Ƙanana su zam masu yin godiya.

Iyayenka na nan suna addu'o'i,
Ka saka da himma, dare, safiya.

Na kawunka ne, wanda ke son ka, ɗana,
Mu dace a can, har a nan duniya.

Ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango biyu, kuma amsa-amonta "ya" ne a ƙarshen ɗango na biyu. Na zaɓi wannan ne saboda Hausa tana da wadatar kalmomin da suke ƙarewa da shi, gaskiya, lafiya, juriya, zuciya, godiya, har mutum ya yi baiti goma bai maimaita ko ɗaya ba. Karinta shi ne wanda malaman aruli suke kira mutaƙarab: gaɓa gajera ɗaya, dogaye biyu, a maimaita sau huɗu, sai ɗango na biyu ya yar da gaɓarsa ta ƙarshe. Ba sai ka karanci aruli ba kafin ka gane ko ya zauna. Ka rera da ƙarfi kana buga yatsa a gwiwa. "Idan ka ji ladan, ka yaye mayafi" yana tafiya sumul. Da an ce "Idan ka ji ladan, ka tashi ka yi salla", ma'ana ba ta lalace ba, amma harshe zai yi tuntuɓe a "tashi ka yi", domin gajerun gaɓoɓi sun taru a inda ake jiran dogaye. Duk ɗangon da ya sa ka ja wata kalma fiye da yadda ake faɗinta a zance, ko ka haɗiye wata, shi ne yaro zai fara mantawa. A gyara shi kafin a rubuta da biro.

Abin da ya fi kari muhimmanci shi ne abin da ka zaɓa ka faɗa. "Ka zama yaron kirki" magana ce mai kyau, sai dai ba ta gaya wa yaro abin da zai yi ƙarfe biyar na asuba a ɗakin kwana ba, lokacin hunturu, ruwan randa kamar ƙanƙara, na gadon sama yana minshari. Shi ya sa baitin salla ya ambaci mayafi. A gida mahaifiyarsa ce take buga ƙofa, ta sake bugawa, ta yaye bargon da hannunta. A makaranta hannunsa ne zai yi wannan aikin. Hadisin Abu Dawuda ya ce a umarci yara da salla suna da shekara 7, a tsananta a kanta suna da 10, ga shi yaron nan ya wuce 10, yana dab da balaga. A shekaru shidan nan na sakandare alƙalami zai hau kansa, kuma yawanci ba a gaban iyayensa ba. Sallar Asuba ce take fara zubewa, idan ta zube sauran sukan bi ta a hankali.

Baitin aboki ya ba shi wurin da zai duba. Yaro sabon shiga yakan manne wa duk wanda ya fara yi masa fara'a a makon farko, alhali wani don kayan akwatinsa yake yi. Annabi ya misalta abokin zama nagari da mai sayar da turaren miski, mugu kuma da mai zuga wutar maƙera, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Yaro ba zai iya auna zuciya ba, amma zai iya ganin waɗanda suke sahu idan an tayar da iƙama.

Satar amsa kuwa, kada a jira sai shekarar WAEC ko NECO kafin a yi maganarta. Tana farawa ne da leƙen takardar maƙwabci a ɗan gwajin mako, da kwafar aikin gida da safe kafin malami ya shigo. Annabi ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa an rufe shi da busasshe, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Muslim ya ruwaito. Makin da aka samu da leƙe algus ne ga malami da iyaye, kuma yaron da ya ji wannan daga bakin kawunsa tun aji ɗaya zai ji nauyin yi.

Baiti na bakwai shi ne wanda nake roƙon kowa kada ya cire, ko da zai rage sauran. Mun saba gaya wa yara su yi haƙuri, su bi na gaba, kuma gaskiya ne. Amma a wasu makarantun kwana akwai manyan ɗalibai masu ƙwace abinci da kuɗin kashewa, masu duka da sunan horo, har da abin da ya fi wannan muni wanda yaro ba ya iya furtawa. Idan haƙuri kaɗai ka rubuta masa, zai ɗauka shiru ma ibada ne. Sau da yawa yaro yana jin nauyin mahaifinsa, yana tsoron tayar wa mahaifiyarsa da hankali, kawu ne a tsakiya. To, ka buɗe masa ƙofar a rubuce. Kuma ka cika alkawarin: ka rubuta lambar wayarka a ƙasan waƙar, ka je ranar ziyara, ka ja shi gefe ku zauna ku biyu. Ka lura da yaron da ya rame, ya daina surutu, kayansa suna ƙarewa kafin lokaci, ko yake kuka idan hutu ya ƙare. Baiti na takwas kuma na nan gaba ne, ranar da shi ma za a ba shi muƙami da bulala.

Sai maganar takardar kanta. Waƙar tana ɗauke da sunan Allah da salatin Annabi, kuma falle ɗaya da aka soka a tsakiyar littafi bai cika kai ƙarshen zango ba. Yakan faɗi a aji a tattake shi, a share shi da shara, ko a ƙunshe ƙosai da shi a bakin ƙofar makaranta. Ka rubuta ta a cikin bangon littafin, ko ka manna takardar da gam ta kowane gefe. Ka yi da hannunka, da biro, domin tawadar alƙalami takan zuba idan ruwa ya taɓa ta, kuma rubutun hannun kawu ya fi na inji daraja a idon yaro. Ka sa kwanan wata na Hijira da na Miladiyya. Littafin ma a zaɓe shi: na darasi yana yawo hannu-hannu, kuma shekara ɗaya ake yi da shi a ajiye. Ƙamus ko littafin zikirin safe da yamma shi ne yake zama da ɗalibi har ya gama.

Kafin ka miƙa masa, ka zaunar da shi ka rera masa ita sau biyu, domin ya ɗauki muryar daga bakinka, sannan ka sa ya maimaita. Idan ya dawo hutun zangon farko, ka ce ya karanto maka da ka, ka tambaye shi wane baiti ne ya fi ba shi wuya a aikace. Ka saurari amsar har ƙarshe kafin ka ce komai.

Allah ya tsare mana su, ya ba su ilimi mai amfani da abokai nagari.