Harafin Z: ko cikakkiyar hanyar folda, ga abinda na tsaya a kai

Tunda na bar gida na zo nan ƙasar waje ina aikin kula da kwamfutocin ofis, ƙorafin da yafi yawan zuwa min da safe shine "draib ɗina ya ɓace", kuma ƴan uwa a gida da ke ƙananan ofisoshi suma tambayar da suke turo min kenan. Toh ni dai ra'ayina, harafin draib na idon mutum ne kawai, amma duk abinda za'a ajiye ko a turawa wani a sa masa cikakkiyar hanya.

Foldar nan da kake buɗewa ta harafin Z: ba a cikin kwamfutarka take ba, tana kan saba, kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis, kuma adireshinta na gaskiya irin wannan ne: `\\ofis-srv\lissafi`, wato sunan sabar sannan sunan foldar da aka raba, wannan ita ce cikakkiyar hanyar. Z: ɗin da kake gani kamar sunan da ka sawa lamba ne a wayarka, kai kaɗai yake yiwa aiki. Windows na ɗaure harafin ne da akawun ɗinka da kuma shigar da kayi a wannan lokacin, shi yasa in ka turawa abokin aikinka `Z:\rahoto.xlsx` sai yace baya buɗewa, don shi a wajensa foldar tana kan S: ne ko ma bashi da harafin gaba ɗaya.

Ɓacewar kuma iri biyu ce, mutane na haɗa su. Na farko harafin ya tafi ɗungurungum bayan ka kashe ka kunna. Wannan yawanci ba'a cewa Windows ya riƙe shi bane, ko dai ba'a sa alama a Reconnect at sign-in ba lokacin da akayi Map network drive, ko an haɗa da umarni ba tare da `/persistent:yes` ba. Kuma wannan saitin yana da wani hali, abinda aka bashi na ƙarshe shi yake riƙewa, in wani ya taɓa rubuta `/persistent:no` toh haɗin da ya biyo baya ma haka zai tafi. Gyaransa, ka buga wannan a tagar `cmd`:

```
net use Z: \\ofis-srv\lissafi /persistent:yes
```

Abin lura anan, kar ka buga shi a tagar da ka buɗe da Run as administrator. Wannan tagar zamanta daban ne da na File Explorer, umarnin zai ce maka yayi nasara amma ka duba baka ga Z: ba.

Na biyu harafin yana nan amma da jan gicciye a kansa, wani lokacin har da saƙon Could not reconnect all network drives. Anan Windows bai manta ba, ya gwada haɗawa ne daidai lokacin da ka shiga, alhali wayifai bai gama kamawa ba ko VPN ɗin da sai ka shiga tukun kake kunnawa, sabar bata amsa ba sai ya haƙura. Buga `net use` shi kaɗai zaka gani, in layin Z: yana nan da Unavailable ko Disconnected toh wannan ce matsalar, in babu layin sam ta farko ce. Sau da yawa danna draib ɗin sau biyu bayan netwok ya zo ya isa. In kuma faswod yake ta tambaya, riƙe harafi daban riƙe faswod daban, sai ka ajiye shi a Credential Manager, in an canza faswod ɗin a saba kuma a gyara na ajiyen.

Inda abin yafi damuna shine bakof. A ce an saita aiki a Task Scheduler ya kwafe fayiloli zuwa `Z:\bakof` ƙarfe 2 na dare, aka zaɓi Run whether user is logged on or not. Da rana ka gwada umarnin da hannunka yayi lafiya lau, da dare aikin yana tashi ne a wani zama daban wanda babu Z: a cikinsa, sai ya faɗi shiru ba wanda ya sani, sai ranar da aka nemi fayil ɗin da ya lalace sannan a gane babu kwafi, wallahi wannan asara ce da layi ɗaya ke hanawa. A sa `\\ofis-srv\lissafi\bakof` a madadinsa, a tabbatar akawun ɗin da aikin ke tashi da shi yana da izinin rubutu a foldar.

Ban ce a watsar da harafi ba fa. Akwai tsofaffin manhajoji da basa karɓar komai sai harafi, shi kansa `cmd` baya shiga cikakkiyar hanya da `cd` sai dai `pushd`, wanda shima harafin wucin gadi yake arowa. Ita ma cikakkiyar hanya tana da nata rauni, ranar da aka canza sunan saba duk inda aka rubuta ta sai an bi an gyara, harafi kuwa wuri ɗaya za'a sake haɗawa. Amma canza sunan saba abu ne da ake shiryawa a sanar, shi kuwa harafi kullum aka kunna kwamfuta sai Windows ya sake ɗaura shi. Mai son sauƙin dannawa ya buɗe cikakkiyar hanyar a File Explorer yayi mata Pin to Quick access, tana nan a gefen hagu ko da an kashe an kunna.